Bawana Da Ɗari Da Ashirin

Rumfata ta cajin waya tana bakin kasuwar Birnin Gwari. Ɗan janareta ne da ni, da dogon katako mai ramukan soket, sai benci. A shekarun da muka manta kamannin wutar lantarki, mutanen Kusasu da Gwaska sukan shigo ranar kasuwa su jibge mini wayoyinsu, da yamma su karɓa a cike. Da wannan cajin mutum zai yi kwanaki a ƙauye, da shi kuma zai ji labari in an ga baƙin babura a bakin daji. Saboda haka ba a wasa da maganar batir a wajenmu.

Rumfar da ke kallon tawa ta ɗan gwaggona ce, mai sayar da wayoyi. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya rama da duk abin da ya zo bakinsa. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi. In ka yi fushi kai ne abin dariya.

To da wannan al'adar ya so ya kashe mini sana'a.

Wata shekara bayan kaka ya kawo wasu wayoyi masu faɗin fuska, manoma suka yi ta saye. Ba a jima ba sai ƙorafi ya tashi, wai batir ba ya riƙewa yadda aka yi musu alkawari. Duk wanda ya koma wurinsa, sai ya ɗaga murya yadda zan ji, yana dariya: "Ina ka yi caji? Wajen wancan? Ai janaretansa ya fi akuya ci, batir yake kiwo!" Mutane su kwashe da dariya. Ni ma in yi yaƙe, in ce, "Bawa dai ba ya rasa surutu."

Amma wasa-wasa sai benci ya fara zama fanko. Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar da gwaggo, uwarsa, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, ta zo daga Kusasu. Ta gaishe ni, ta sa mini albarka, sannan ta wuce da wayarta a ƙulle a bakin zane ta kai wa wani mai caji da sola a can gaba. Wayar nan a kanta take kallon wa'azi. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na ce a raina, sai na rama, ko da za a ce na ɓata zumunci.

Ina da irin wayar da yake sayarwa, amma a Kaduna na sayo tawa, kuma kullum a janaretan nan nake cajinta, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Sai na karɓi ta wani manomi da bai guje ni ba, na ajiye su gefe da gefe, ina bin setinsu ɗaya bayan ɗaya. A wajen setin fuska na kama ɓarawon.

Ashe hoton da ke fuskar waya ba a tsaye yake ba, sake zana shi take yi sau da yawa a kowace daƙiƙa. Irin waɗannan wayoyi zaɓi uku gare su: sau sittin, sau ɗari da ashirin, ko otomatik. A otomatik wayar ce ke zaɓa da kanta, in kana jan fuskar da yatsa ta hau sama don abin ya tafi sumul, in ka tsaya karatu ko kallon bidiyo ta sauko ta huta. Tawa a otomatik take, yadda ta fito daga kwali. Ta manomin kuwa an ɗaure ta a ɗari da ashirin, ko bidiyo yake kallo wanda bai buƙaci rabin haka ba, fuskar tana ta gudu a banza tana shan batir.

Wa ya ɗaure? Sai na tuna yadda bawana yake ciniki. Ya buɗe kwali, ya ce bari ya saita maka, sannan ya miƙo: "Ja ka ji santsi, kamar man shanu!" Da santsin yake sayarwa, ni kuma in kwana da zagin.

Na jira ranar kasuwar da gwaggo za ta shigo. Da hantsi, kasuwa ta cika, na tsaya a tsakiyar hanya na ƙwala masa kira.

"Bawana! Fito mu yi wasa!"

Ya fito yana washe baki. Na ce ya ciro sababbin wayoyi biyu iri ɗaya, ya kai su wajen mai sola da kansa, kada janaretana ya taɓa su. Ba shi da hanyar ƙi, taubashi ya kira wasa a gaban jama'a. Da suka cika na ce ya saita ɗaya yadda ya saba saita wa mutane. A nan na ga murmushin ya fara bushewa. Ɗayar na ɗaure ta a sittin. Muka daidaita haskensu, muka kunna musu wa'azi iri ɗaya, muka ajiye a kan bencina, gwaggo na zaune tana gadi.

Kafin la'asar kowa ya ga bambanci. Ba wai ɗaya ta mutu ɗaya tana cike ba, ba zan yi ƙarya don ina jin haushi ba. Amma tasa ta faɗi ƙasa da tawa da tazarar da za ta iya zama kiran da zai fitar da mutum daga gona da ransa.

Nan fa aka yi caa, kowa na miƙo waya. Na hau kan benci don a ji ni har rumfarsa. Na ce wanda ke cikin gari, caji na kusa da shi, ya mayar da ita otomatik, ya sha santsinsa ba tare da asara mai yawa ba. Wanda zai koma ƙauye ya ɗaure ta a sittin, domin a irin waɗannan wayoyi otomatik ɗin ma da ka taɓa fuska yake hawa sama, mai yawan latse-latse ba zai ga sauƙi sosai ba. Ɗari da ashirin kuwa sai ɗan gata mai buga wasa a waya da soket a gefen gadonsa. Na kuma gaya musu gaskiya cewa hasken fuska da neman sabis a daji su ma suna cin nasu rabon, kada gobe a sake ɗora wa janaretana.

Bawana ya matso yana sosa ƙeya. "Haba taubashi, ai duk wasa ne."

Na ce, "Ni ma wasa nake yi, Ɗari-da-Ashirin."

Kasuwa ta ɗauka. Kafin magariba har masu rake sun iya sunan.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa wayarta, ta ce ya duba ya faɗa mata gaskiya. Ya duba, ya sunkuyar da kai. Tata ma a ɗari da ashirin take, ita uwar da ta haife shi, mai kwana a Kusasu.

Ta karɓe abarta ta sa a hannuna. "Ɗana, sauke mini ita zuwa sittin, ka sa mini caji." Sannan ta juya gare shi. "Kai kuma, Ɗari-da-Ashirin, ɗauko mini buhuna ka kai mota."

An sha ce mini in haƙura in daina kiransa haka, wai har 'ya'yansa ana tsokana a makaranta. Na ji. Amma kowace safiya in na buɗe rumfa, da sunan nake gaishe shi, da ƙarfi, kuma dole ya amsa, tunda tsakanin taubasai ba a fushi.