Jan Layi a Littafin Sa Hannu

Shekarar da aka ba ni hedimasta a wata firamare a Maradun, malamin lissafinmu ya hana ni sakat. Daga ƙauyen Faru yake zuwa a babur, ba ya isowa sai darasin farko ya wuce. In leƙa aji, in leƙa hanya, in koma ofis in kasa zama. Ranar da haƙurina ya ƙare na rubuta masa takardar gargaɗi: kullum kana makara, ba ka da kishin aiki, raini ya yi maka yawa. Na san in ta shiga fayil ɗinsa, ƙarin girman da yake jira ya tafi, amma zuciya ta ɗebe ni.

Allah ya sa na fara biyawa Talata Mafara wurin kawuna, tsohon magatakarda. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Kai ɗana, wanga gargaɗi na ko zagi? Kullum ɗin ga wace rana ta? Mi littahin sa hannu yac ce?"

Kunya ta rufe ni. A makarantarmu kowa bakwai da rabi yake rubutawa ko da hantsi ya iso, har layi ake bar wa wanda bai zo ba, wai zumunci. A littafin, malamin bai taɓa makara ba.

"In yak kai ƙara, kai za a kamawa," in ji kawu. "Rubuta rana da lokaci, da dokar da yat taka, da randa kay yi mai magana da baki. Hwaɗi gyaran da kaka so, zuwa yaushe, da abin da ka biyowa in bai gyara ba. Bar halinai. Ba shi kwanaki shi amsa a rubuce, shi sa hannu ya karɓa. Kuma duk wanda yam makara, takarda iri guda."

Na tara malamai na gargaɗe su, na fara jan layi da jan biro a littafin ƙarfe takwas daidai. Cikin mako uku malamin ya faɗa ƙasan layin sau bakwai. Ƙanin matata, da ke koyarwa nan kuma gidansa na bayan makaranta, sau shida. Na rubuta wa kowannensu takarda, na ba malamin tasa, amma kwana biyu ina yawo da ta ƙanin matar tawa a aljihu kafin na iya miƙa masa. Yayarsa ta yi mako tana gaishe ni a daƙile.

Amsar malamin gajeruwa ce. A hanyarsu ba mai fitowa sai baburan farko sun wuce sun bugo waya cewa babu ɓarayin daji. Ya roƙi a mayar da darasinsa bayan tara.

Na sauya jadawali, na sanar da ofishin ilimi a rubuce, na haɗa amsar da takardar a fayil. Ƙarin girmansa ya fito. Amma raina bai kwanta ba har yau. Wata shida ina tsaye bakin taga ina ƙirga masa mintoci, ban taɓa tambayarsa abin da ke kan hanyar ba.