Gaisuwar da Ta Gagari Mai Jan Biro

A maɗaba'ar nan da ke bayan tashar mota, wadda yanzu aka raba ta gida uku ana sayar da wayoyi, a da akwai wata mata da kowa ke kira Yaya Mai Jan Biro. Aikinta gyaran rubutu da fassara. Teburinta na jikin taga, inda ƙarar inji ba ta cika yawa ba, kuma duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta fito kamar an yanka kaza a kanta. Ko katin ɗaurin auren ƙaninta bai tsira ba. Mace ce mai faɗa a kan aiki, amma a ɗakinta ake ajiye tulun ruwan sanyi, kowa kuma ya san hanya.

Mai kula da injunan wani Bature ne dogo, da kamfanin da ya sayar da su ya turo don ya kafa su ya koma, shi kuwa ya yi zamansa har gashinsa ya yi fari. Baban Inji ake ce masa. Kunnensa na jin ciwon inji tun daga bakin ƙofa, amma Hausa ta ƙi shiga. Daga "sannu" sai "gobe" ya iya, ta biyun kuwa ya koye ta ne daga masu kawo takarda.

Na ukunsu Kawu ne, mai ɗinkin littattafai, tsoho da yatsunsa kullum ke ɗauke da busasshen gam. Ranar da aka dawo daga hutun sabuwar shekara, Kawu yakan bi ɗaki ɗaki yana gaisuwa. Idan ya zo kan Baban Inji sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Barka da sabuwar shekara. Allah ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya." Sannan ya juya ya dubi Yaya, ita ce bakinsa.

Nan fa jan biro yake rasa ta cewa. Shekarar farko ta ba shi gajeriyar gaisuwar da masu Turanci ke yi wa juna. Baban Inji ya yi murmushi ya ce kai ma haka, ya zare hannunsa ya koma kan inji. Wata shekarar ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya sake yi mana. Ya tambaye ta da gaske, a sake yin me? Ta gwada wata magana tasu mai fatan ranar ta yi ta dawowa, ya tuntsire da dariya ya ce ai ba ranar haihuwarsa ba ce. Da ta ce Allah ya sa muna raye baɗi, sai ya ɓata fuska ya tambaya ko Kawu ba shi da lafiya ne.

Manaja ya ba ta shawara. "Yaya, ki cire sunan Allah kawai. Mutumin nan ba ya zuwa ko'ina ibada, kada ya ga kamar wa'azi ake masa."

"In na cire, me ya rage? Fatan alheri ne kawai, irin wanda ake bugawa a kalanda. Kawu addu'a yake yi."

Abin da ya fi cin ranta shi ne Kawu. Duk shekara yakan tsaya da hannu a miƙe yana jiran amin ɗin da ba ta zuwa, sannan ya koma bencinsa yana cewa, "Yaron kirki ne, amma ba ya karɓar addu'a." Yaya ta san ba ƙi ya yi ba, bai taɓa sanin an ba shi wani abu ba ne. Takan kai maganar gida, tana tuƙi tana juya ta, tana wanke-wanke tana juya ta, har mijinta ya ce da wannan gaisuwa mutum ce da tuni ya yi kishi.

Sai shekarar da hannun Baban Inji ya fara rawa, sukurudireba na suɓuce masa. 'Yarsa da ke can ƙasarsu ta matsa ya dawo gida. Ranar gaisuwar ta zo ya riga ya ɗaure kayansa, kowa ya san ba za a sake ganinsa a ɗakin inji ba. Yaya ta shigo aiki da nauyi a zuciya, don in ta kasa yau ta kasa ke nan.

Kawu ya kama hannun kamar kullum, ya faɗi maganarsa. Yaya ta ajiye biron a kan tarin takarda. Ta ce wa Baban Inji da Turanci kada ya zare hannunsa tukuna, ba a gama ba. Sannan ta daina neman gajeriyar magana, ta faɗa masa a hankali: "Albarkar wannan shekara ta sauka a kanka. Allah ya tsare ka, ya tsare mu, cikin ƙoshin lafiya, har wannan rana ta zagayo ta same mu duka."

Ya kalli yatsun Kawu. Can ya ce, "Abin da yake gaya mini ke nan duk shekarun nan?"

"Shi ne."

"Amma ya san tafiya zan yi. Ba za ta same mu tare ba."

Ta mayar wa Kawu. Tsohon ya ce, "Wa ya ce sai a ɗaki ɗaya? Gaya masa shekara na zuwa garinsu ma."

Baban Inji ya ce shi bai iya addu'a ba, bai san abin da zai rama da shi ba. Yaya ta ce ba a ce ya yi ba, an riga an yi masa, nasa kawai ya karɓa, kuma kalmar karɓar akwai ta a harshensa. Ya ce amin da irin lafazinsu. Kawu ya ji, ya girgiza hannun da ƙarfi, ya ce, "To, yau dai ka amsa." Daga nan ya koma benci ya daɗe yana neman allurar da ke maƙale a gaban rigarsa.

Shekara ta zagayo. Ɗakin inji ya koma hannun wani, ba wanda ke jin ciwon inji daga bakin ƙofa. Kawu na cikin zagayen gaisuwarsa wayar ofis ta yi ƙara, aka ce Yaya ake nema. 'Yar Baban Inji ce. Ta ce jikin babanta ya yi nauyi, magana na yi masa wuya, amma tun safe ya hana ta sakat. Ya koya mata wata magana, ya ce ta faɗa wa tsohon mai ɗinkin littattafai, kuma kada ta kashe waya sai an amsa.

Yaya ta kira Kawu, ta riƙe kan wayar a tsakaninsu. Yarinyar ta faɗi addu'ar nan ta bara da Turanci, babu kalmar da ta ɓace a hanya. Yaya ta buɗe baki za ta mayar da ita Hausa, amma Kawu ya ɗaga mata hannu. Bai san Turanci ba, sai dai ya san ranar, ya kuma ji inda muryar ta tsaya tana jira.

Ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "Amin, ɗana. Amin."

Daga can nesa suka ji wata murya mai rauni ta ce, "Sannu." Yaya ta koma teburinta jikin taga, ta ɗauki biron, ta kasa ganin layin da ke gabanta.