Koren Ya Gumsu

Tun farkon rikicin, nas Phebe take tsaye a ƙofar sashen gaggawa, tana raba majinyata bisa jadawalin launuka da lokacin jira da ke bango: ja nan take, ruwan lemo minti goma, rawaya awa ɗaya, kore awa huɗu. Ranar da bam ya tashi a Gamboru, tsohuwa Ya Gumsu ta shigo da ƙafarta, ta ƙudundune cikin mayafi.

"Mama, ina ke ciwo?"

"Da sauƙi, 'yata. Duba yaran can da suka ji rauni."

Phebe ta ba ta kore, ta ruga wajen masu ja. Kafin ta waiwayo, tsohuwar ta cika a zaune. Kunya ce ta hana ta buɗe raunin cikinta a gaban maza. Har yau Phebe ba ta yarda da "da sauƙi", amma hannu biyu kacal gare ta, ba ta iya duba kowa.