Ruwa a Ƙofar Zauren Baba

Bayan rasuwar Baba muka yanke shawarar sayar da gidansa na Argungu a raba gado. Inna ta dawo wurina a Gwadangaji, ƙannena mata kuma kowacce na jiran rabonta. Ni ne babba, ga aikin ofis a Birnin Kebbi, sai na damƙa wa wani dillali mabuɗi, mutum mai sanyin murya da yake kirana “Yallaɓai” ko da sau goma ne a magana ɗaya. Na sake da shi, domin la'adarsa tana bin farashi ne: in gida ya yi tsada, shi ma ya samu.

Sai dai masu saye suka riƙa janyewa. Duk wanda dillalin ya kai, ya leƙa zaure ya fito ba ko tayi. Da na matsa masa, sai ya rage murya.

“Yallaɓai, gidan ga akwai motsi. Maƙwabta na ganin mutum tsaye cikin zaure, rana tsaka.”

Na yi tsaki, na tafi da kaina ranar Asabar da hantsi. Kwaɗo na nan a kulle, ya yi tsatsa. Amma ƙasar ƙofar zauren a jiƙe take, an yayyafa ruwa daga dama zuwa hagu, har ƙamshin ƙasa na tashi. Haka Baba yake yi kowace safiya kafin ya shimfiɗa tabarma. Tsoro na ji, tsoron gidan da aka haife ni, na koma tasha ban shiga ba.

A makon nan dillali ya zo da tayi ƙasa da rabin abin da muka sa. Mai sayen, in ji shi, ba ya son a san shi, wakili zai turo. Na sallama a gaban mai unguwa da shaidu, na kuma biya shi la'adarsa cif. Daga nan Inna ta daina tambayar labarin Argungu.

Da damina ta wuce na je sayen albasa, ƙafa ta kai ni unguwarmu. Dillalin ne zaune a zauren Baba, iyalinsa a ciki. Wakilin nan ashe surukinsa ne. Raina ya ɓaci. Shi kuwa ya rame, bai ko yi yunƙurin musu ba.

“Zancen mutum tsaye, ni na shirya shi,” ya ce. “Amma don Allah, Yallaɓai, wa ka zuba ruwan ga kullum? Na hana kowa, ban ga mai yi ba.”

Na duba ƙasa. A jiƙe take, daga dama zuwa hagu. Wannan karon ban ji tsoro ba, kewa na ji.

“Mai gidan ne,” na ce. “Shi bai sallama ba.”