Ranar da aka ce gonata ta yi tsami

Mu biyar ne a zauren sarkin noman unguwarmu, bayan kasuwar Samaru, ranar wata Laraba bayan la'asar, ana cikin zafin bazara. Akwai sarkin noma da kansa. Akwai maƙwabcina na gona, tsohon ma'aikacin reluwe daga kudancin Kaduna, da 'yarsa malamar firamare, wadda aka kira don ta karanta mana takardar da malamin gona ya aiko. Akwai babban ɗana, mai sayar da kayan babur a Sabon Gari. Sai ni, da ban taɓa zama a aji ba, amma ba a yanke magana kan gonar da mijina ya bari ba na wurin.

Ɗana bai zo don takarda ba. Damina uku masarata tana lalacewa. Ganyen ƙananan ya yi ja-ja kamar an shafa masa zoɓo, karan ya tsaya a gwiwa, goyon bai kai tafin hannu ba. Kowace shekara ina ƙara takin yuriya, kowace shekara tana ƙara ramewa. Shi ya sa ya ce gonar ta mutu, a yanka ta fuloti tunda gari ya iso bakinta. Har ya shirya da mai awon fili zai zo ranar Asabar. Na ce masa ya bari mu ji abin da malamin gona zai ce. In ya ce ta mutu, na sallama.

Malamin nan, makonni shida kafin wannan rana, ya zo ya ɗebi ƙasa a gonakinmu. Na bi shi taku bayan taku don ban yarda da shi ba. Bai ɗiba a wuri ɗaya ba. Ya yi ta tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, yana share ciyawar sama, yana haƙa kamar taƙi ɗaya, yana zubawa a bokitin roba. Ya kauce wa gindin ɗorawa da inda muke tara shara, ya ce ƙasar wurin za ta yi masa ƙarya. Ya gauraya duka, ya ɗebi kamar rabin mudu, ya rubuta lamba a jikin leda. Na ce ni ban san lamba ba, yaya zan tabbata ba a musanya mini da ta wani ba? Bai yi dariya ba. Ya miƙo ledar, na ɗaura mata jan zare daga bakin zanina.

Malama ta buɗe takardar. Da Hausa ya rubuta ta, ba Turanci ko ɗaya. Ya gaishe mu, ya ce an kai shi wasu ƙauyuka aikin iri, shi ya sa ya aiko da wasiƙa don kada ruwan farko ya riga shi. Gonar sarkin noma da ta maƙwabcina, ya ce, yunwa kawai suke ji, su ƙara takin gida su daina ƙone kara. Sai ta karanta: "Gona ta uku, mai jan zare."

Na gyara zama.

"Wannan gona ba ta mutu ba. Ƙasarta ce ta yi tsami."

Sarkin noma ya sunkuya ya ɗan tsinci ƙasa a bakin ƙofa, ya taɓa a harshe ya tofar. "Tsami? Ni dai ƙasa na ji. Ko tsamiya Iya ta ke jiƙa wa masara?"

Maƙwabcina ya ce, "Ranka ya daɗe, ai taka ƙasar ba ta san komai ba sai takalmin baƙi."

Ni ban yi dariya ba, lissafi nake yi. Shekara hamsin ina gaban murhu. Na ce, "In tsami ne, ai maganinsa kanwa. Gobe in sayo buhu a Sabon Gari."

Ɗana ya dafe kai. "Inna, gona ce fa, ba miyar yakuwa ba."

Malama ta ɗaga hannu, idonta na kan takarda, tana murmushi. "Ku tsaya, Iya. Ku ji abin da ke biye." Ta karanta a hankali: "Na san mai gonar za ta ce kanwa. Tunaninta daidai ne, abin da ke kashe tsami a tukunya irinsa ake nema a gona. Amma kada ta zuba kanwa, gishirin da ke cikinta yana ɗaure ƙasa ya hana ruwa shiga. Toka ta itace za ta nema, da garin farin dutse na gona, wanda masu taki ke kira layim."

Mutumin da ya yi yini ɗaya tak da ni ya san abin da zai fito daga bakina, ya kuma tare ni ba tare da ya mai da ni sakarai a gaban ɗana ba. Na ga masu ilimi da yawa a Samaru, garin nan cike yake da su. Kaɗan ne ke iya wannan.

Sauran wasiƙar ta tafi dalla-dalla. Harshe ba ya jin tsamin ƙasa, sai a ɗakin gwaji. Yuriya da nake zubawa shekara da shekaru ba tare da takin gida ba, ita ta taimaka wajen kawo shi. Idan ƙasa ta yi tsami tana riƙe abincin da ke gina saiwa, shi ne jan ganyen da nake gani, kuma ƙarin yuriya ba ya sake shi. Ya faɗi yawan garin da zai ishi gonar bisa awon da ya yi. A baza shi ko'ina daidai, tare da ruɓaɓɓen takin shanu, a yi huɗa ya shige ƙasa, a bar aƙalla mako uku kafin shuka. Kada a haɗa toka ko garin da yuriya, ƙarfinta zai bi iska. Takin kamfa a sa shi cikin mako biyu da shuka, a tona gefen masara a binne. Yuriya sai masara ta kai gwiwa, ƙasa da danshi, ita ma a binne. Ɓangaren gabas da ya fi lalacewa, bana a hutar da shi daga masara, a sa waken suya da takin sufa. A ƙarshe ya ce kada in sa ran rumbu ya cika bana, ƙasa ba ta warkewa a damina ɗaya, kuma zai sake ɗiba ya gwada.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ɗana. Ya karɓi takardar ya karanta da kansa, yana motsa baki. Ya ce, "Da ya ce za ki samu buhu ɗari da na ce ɗan talla ne."

Na ce, "To, mai awo fa?"

Ya naɗe takardar. "Zan ce masa kada ya zo. Damina biyu, Inna. In ba ta tashi ba, mu sake zama."

"Uku," na ce. "Uku ta yi tana ciwo."

Sarkin noma ya ce, "Ka karɓa, yaro, kafin ta ce huɗu."

Ya karɓa. Ya kuma ce shi zai nemo garin a wurin masu taki na Sabon Gari, don in aka bar ni zan dawo da kanwa a ƙasan buhu.

Washegari, da na idar da asuba, na ɗauki buhuna biyu na bi layin masu ƙosai da masu tuwo na bakin kasuwa kafin su share murhu. Na ce kowacce ta riƙa ajiye mini tokarta, ta itace zalla, ban da wadda aka ƙona leda a ciki. Wata ta tambaye ni ko sabulu zan yi. Na ce mata gona zan kashe wa tsami, na sa hannu na tsince gawayin da ke ciki.