Kilo Arba'in ɗin Ƙugiya

Shekara goma sha tara ya yi yana tsintar robobin ruwa a bola da bakin kwata, da buhu a baya da lanƙwasasshen ƙarfe a hannu, har sunansa na yanka ya ɓace kowa ya koma kiransa Ƙugiya. Ko matarsa, in ta fusata, da shi take kiransa. Mutum ne mara son surutu, amma yana da abin taƙama guda ɗaya: ya ɗaga buhu ya faɗa maka nauyinsa kafin sikeli ya daina rawa, kuma da wuya ya kuskure da rabin kilo.

Buhun nan ne ya cinye masa baya. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki roba, sai miƙewa ta gagara, a baro aka kawo shi gida. Likita ya ɗaga hoton ƙashinsa ya nuna masa inda ya goge, ya ce in ya sake saɓa kaya, watarana ƙafafun ne za su daina jin maganarsa. Ƙugiya ya rataye buhun da ƙarfen a ƙusa bayan ƙofa, ya kwanta yana ƙirga kwanon rufi. Yara huɗu, ga haya, shi kuwa bai iya komai ba sai roba. Tsoro ya kama shi.

A kwancen nan ya shirya sana'ar. Tunda ba zai iya ɗauka ba, sai ya zauna a kawo masa. Ya lallaɓa wurin dillalin da ke da injin matse robobi, ya tambayi farashi. Dillalin ya ce farar roba zalla, ba mai launi a ciki, ba murfi, ba ruwa, naira ɗari da saba'in kilo, amma motarsa ba ta tashi sai kaya sun cika tan ɗaya, wato kilo dubu. Wanda ya kawo ƙasa da haka da kansa, ɗari da ashirin ne, kuɗin mota kuma a wuyansa. Masu tsinta ana biyansu casa'in. Ƙugiya ya ce shi ɗari zai biya, don ya san zafin abin.

“Maman yara, ribar saba'in a kowane kilo,” ya ce wa matarsa. “Lodi ɗaya ya mayar miki da firijinki.”

“Firijina kuma? Yaushe ya shiga maganar?”

“Ai shi ne maganar.”

Da firijin nan take sayar da ƙanƙara, shi ne abu ɗaya a gidan da ke kawo kuɗi kullum. Kwana biyu ba ta kula shi ba. A na uku ta wanke firijin ciki da waje, ta kira mai saye. Kuɗin ya biya hayar wani ƙaramin shago na wata uku, ya sayi sikeli mai rataya, ya rage daidai na sayen kilo dubu.

Ƙugiya ya san nauyin roba a bayansa, amma bai taɓa tara ta ba, kullum sayarwa yake yi kafin rana ta faɗi. Bai san irin wurin da take ci ba. Cikin sati uku shagon ya cika har rufi, ƙofa sai an danna da kafaɗa, ya duba takardarsa ya ga kilo ɗari huɗu da ashirin. Iska ya tara, iska yake biya wa haya! A waje ba dama, dare ɗaya ɓarayi za su kwashe, kuma mai shagon ya riga ya ce kada ya ga ko buhu ɗaya a ƙofarsa.

Dabara ɗaya ce, a cire murfi a take kowace roba ta zama falle. Shi ya zauna a kujera yana cirewa, matar tana takawa da tsohon takalminsa. A roba ta biyar ruwa ya zubo masa a cinya. A ta goma, yashi. Ya kalli ƙasan shagon tana jiƙewa. Ba sai an gaya masa ba. Shi ma haka ya yi shekara da shekaru, ya bar ɗan ruwa a gindin roba ya ɗaure murfi, yana cewa ai masu sikeli ma cutarsu suke yi. Shi dai ya ɗauka masu tsinta ba za su yi wa nasu ba.

Da suka gama suka sake aunawa, ruwa da yashi da murafu sun tafi da kilo saba'in.

Washegari Guntu ya zo, abokin tsintarsa tun suna samari, wanda ya turo shi gida a baro. Ya sauke buhu yana tsokana.

“Ranka ya daɗe, mai kamfani! A auna wa talaka.”

“Zazzage shi. Daga yau sai an cire murfi an take.”

Dariyar ta tsaya a fuskar Guntu. “Ni, Ƙugiya? Ni za ka zazzage wa buhu?”

“Kai da kowa. Firijin matata ne a cikin shagon nan.”

Guntu ya zazzage, ya buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya, ruwa na bin yatsunsa. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai waiwayo ba. Bai sake zuwa ba, rabin masu kawo kaya kuma suka bi shi, don ba kowa ke son zaman cire murfi a kan ƙarin goma ba. Kayan suka koma shigowa kamar ɗigon famfo. Ƙugiya ya sayar da murafun daban ga mai sayen roba mai tauri, ya zuba kuɗin a saye. Shagon ya sake cika, saura suka kai gida, ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, har ƙaramar 'yarsu ta ce ɗakinsu ya iya ƙarar roba in mutum ya juya.

Saura kwana uku hayar ta ƙare, mai shagon ya riga ya karɓi kuɗin wani mai aski. Jari ya ƙare ƙarƙaf. Takarda ta ce ɗari tara da sittin. Ya roƙi dillali a waya kamar zai yi kuka, dillalin ya ce shi ma man mota ba kyauta ake ba shi ba, dubu dubu ce. Ƙugiya ya sake buga lissafi a ransa: a ɗari da ashirin, in an cire hayar motar da za ta yi sawu uku, ko rabin firiji ba zai dawo ba.

Da hantsi matar ta same shi a bayan shagon, da bokitin ruwa da mazurari, ya jera robobi a gabansa.

“Kofi ɗai-ɗai a roba ɗari biyu,” ya ce ba tare da ya kalle ta ba. “A tsakiyar lodi. Wa zai gani?”

“Wanda ya fi ka sanin roba. In ya soka wuƙa ya ga ruwa, lodin gaba ɗaya zai karya wa farashi. Kuma da wane ido za ka kalli Guntu?”

Ya ajiye mazurarin. Sannan ya kifar da bokitin a kwata.

Kilo arba'in, roba kusan dubu ɗaya da ɗari shida. Lokacin da yake da baya, aikin kwana biyu ne. Ya koma gida a hankali yana dafa bango, ya ɗauki zanenta ya naɗe ƙugunsa tamau, ya miƙa hannu bayan ƙofa.

“Baban yara, likita fa ya ce...”

“Na ji abin da ya ce.”

Ya sauke buhun da ƙarfen daga ƙusa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, tana kallonsa har ya kai bakin kwata ya tsaya kan wata farar roba. Ƙarfen bai kamo ta ba, don haka ya dafa gwiwa, ya cije leɓe, ya sunkuya.