Robobi Uku a Gaban Mota

Shekara ashirin ina ɗaukar tumatir da kabeji daga kasuwar Farin Gada ta Jos zuwa Fatakwal. Ba wanda zai koya min abin da zafi ke yi wa kaya. Na sha sauke kwando yana zubar da ruwa. Duk da haka ni ne na yi wannan wautar.

Mahaifiyata ta yi jinya a shekarar da abin ya faru. Ta sha maganin asibiti mai ƙarfi, ciwon ya tafi, ya bar ta da gudawa da ƙin abinci. Likita ya rubuta abubuwa uku na ƙarin ƙarfi: man kifi, da bitamin mai kamar alewa saboda manyan ƙwayoyi na maƙale mata, da wani kafso da ya ce ƙwayoyin halitta ne masu rai da ke gyara hanji. Inna ba ta son ko ɗaya.

"Wata guda zan sha," ta ce. "In ban ga komai ba, kada ka sake shigo min da roba ɗakin nan."

Na ce na yarda. Ita ba ta magana biyu.

A Fatakwal na saya, don an ce can ya fi sauƙi. Na jefa ledar a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, inda nake ajiye takardu. Sai lodin dawowa ya ƙi samuwa. Kwana tara motar na tsaye a gareji, damina ce, ruwa ya sauka rana ta buɗe, rigarka ba ta bushewa a jikinka. Kullum ina ganin ledar. Har buɗe robar alewar na yi sau biyu na ɗanɗana. Mu mutanen Jos sanyi ya ɓata mu, mun saba a ajiye abu a kan taga wata da watanni a same shi yadda yake.

Da na dawo gida alewar ta narke ta zama curi ɗaya. Man kifin ya manne da juna, yana wani ƙarni. Kafson kuwa lafiya lau a ido. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina karanta lamba. Na duba gindin kowace roba, saura fiye da shekara. Na ce ai shi ke nan.

Da wuƙa nake yanka mata alewar. Man kifin in ta sha sai ta yini tana gyatsa mai wari, ɗan kunun da take sha ma ta ture.

"Direba," ta ce, "wannan kifin tun zamanin haƙar kuza ya mutu?"

Na ce haka magani yake, ta daure. Ta daure. Sati uku.

Akwai wata 'yar Ibo mai kemis a unguwar Laranto, a nan aka haife ta. Na kai mata robobin don in yi ƙorafin an sayar min da jabu. Ta huda man kifi ɗaya da allura, ta shinshina, ta kawar da kai.

"Oga direba, ina ka ajiye shi?"

Na faɗa mata.

"Gaban mota! Kai da kake rufe tumatir kamar jariri?"

Na nuna mata kwanan watan. Ta juya robar ta sa farce a kan wani ƙaramin rubutu da ban taɓa kulawa ba. Ta ce an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi, busasshe, ba rana. Kwanan watan alkawarin kamfani ne in ka bi wannan sharaɗin, in ka karya, lambar ba ta san komai ba. Zafi ya sa man ya yi ɗaci da wari. Alewar da ta narke, ba wanda ya san yawan bitamin da ke cikin yankan da nake yi, wani ma ya rage ƙarfi.

Na ɗaga robar kafson. "Wannan fa? Bai canza ba."

"Shi ya fi wahala. Abu mai rai ne, zafi da laima na kashe shi, kuma ba za ka gani ba. Wani iri sai firji, wannan ba sai firji ba, amma ba a dafa shi a mota. Da wuya ya cutar da Mama, sai dai ƙila ba abin da yake yi mata."

Na sayi sababbi a wurinta, na kai gida a cikin aljihu. Na durƙusa na faɗa wa Inna komai, na ce laifina ne, a sake lissafin watan.

Ta dube ni, wuyanta duk ya rame.

"Na ce wata guda. Saura kwana bakwai, na bar maka."

Ƙanwata ta roƙe ta, likita ma ya yi magana. Ko hannu ba ta miƙa ba. Gudawar ta ja ta har bayan damina kafin ta lafa, jikin kuma bai koma yadda yake ba. Ban sani ba ko masu kyan za su yi mata aiki. Ba a gwada ba.

Sababbin robobin na cikin kabad ɗinta, wuri mai sanyi, busasshe, ba a ɓalle murfinsu ba. Kwanan watansu ya wuce bara.